Idan taken shafinka bai faɗi komai ba, me ka zo faɗa?

Duk wanda ke yawan halartar taron bita ko zaman bayar da rahoto ya san abin da ake fara gani idan an kunna majigi: "Gabatarwa", "Bayanai", "Ƙalubale", "Sakamako". Shafi ashirin a PowerPoint, kowanne da kalma ɗaya ko biyu a samansa, a ƙasa kuma ga jadawali cike da lambobi. Mai gabatarwa yana ta bayani, jama'a suna ta ƙifta ido suna neman inda maganar take. Ra'ayina shi ne wurin da ke saman shafi, inda ido ke fara sauka, bai kamata a ɓata shi da sunan batu ba. A rubuta cikakkiyar jimla mai faɗin abin da shafin ke son a yarda da shi, kamar yadda jarida ba ta rubuta "Harkar man fetur" a kanunta, sai dai ta ce farashin ya tashi ko ya sauka.

Mu ƙaddara wani misali, lambobinsa na kwatance ne. Jami'ar rigakafi a wata ƙaramar hukuma za ta yi bayani gaban shugabanninta. Shafinta na ɗauke da zanen layuka biyar, kowane layi mazaɓa ɗaya, kuma takensa "Bayanan rigakafi, Janairu zuwa Yuni". Layuka huɗu suna nan daram, ɗaya kuwa ya gangaro daga kashi 80 cikin 100 zuwa 50 tun watan Afrilu. Ita ta san haka tun tana ofis. Amma taken ya bar wa kowa aikin ganowa da kansa, a cikin 'yan daƙiƙoƙi, daga kujerar baya, yana kuma ƙoƙarin sauraronta.

Gyaran farko da kan zo wa mutum shi ne "An samu matsala a rigakafi". Jimla ce, amma har yanzu hayaƙi ce, domin babu wanda zai iya cewa ƙarya ne ko gaskiya ne. Wace matsala, a ina, tun yaushe? Sai ta sake: "Rigakafi ya sauka daga kashi 80 zuwa 50 a mazaɓar Gabas tun Afrilu, sauran huɗun ba su motsa ba". Yanzu akwai aikatau, akwai wuri, akwai adadi da lokaci, kuma wani zai iya ɗaga hannu ya ce bai yarda ba. Wannan ne ma'aunin da na fi amincewa da shi: taken da ba a iya musanta shi bai faɗi komai ba.

Da zarar ta rubuta wannan jimlar, shafin kansa sai ya nemi gyara. Layuka biyar masu launi biyar ba su da amfani kuma, sai ta mai da huɗun ruwan toka ta bar na Gabas shi kaɗai ja. Sannan ga jarabawa. Ta san firjin ajiye allurai na mazaɓar ya lalace a Afrilu, hannunta na ƙaiƙayin ƙara "saboda firji ya lalace". To amma zanen bai nuna firji ba, ya nuna raguwa ne kawai. Idan tana da hujjar dalilin, misali kwanakin da aka buɗe asibiti babu allura, wannan shafi ne na biyu da nasa taken. Idan ba ta da ita, ta gano tun kafin taro cewa zato take yi, kuma gara ta gano a ɗakinta da a gano mata a gaban shugaba.

Michael Alley, malami a jami'ar Penn State ta Amurka, ya daɗe yana koya wa injiniyoyi wannan tsari: jimla ɗaya a sama da ba ta wuce layi biyu ba, a ƙasa kuma hujjar da ido zai gani, zane ko hoto, maimakon jerin ɗigo-ɗigo. Iyakar layi biyun tana da dalili. Jimlar da ta ƙi shiga layi biyu yawanci magana biyu ce aka cusa wuri ɗaya.

Akwai masu cewa wannan salo yana tura wa mai sauraro hukunci tun kafin ya ga hujja, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. A ranar 16 ga Janairun 2003, lokacin da kumbon Columbia na hukumar NASA ke tashi, wani ɓallin soso ya ɓalle daga tankin mai ya bugi fiffikensa na hagu. Kumbon yana can sama injiniyoyin kamfanin Boeing suka shirya bayani kan ko akwai haɗari. Ɗaya daga shafukansu na ɗauke da taken "Review of Test Data Indicates Conservatism for Tile Penetration", wato dai gwaje-gwajen baya sun nuna lissafinsu yakan zuzuta ɓarna fiye da yadda take. Take ne mai kwantar da hankali. Can ƙasan shafin, da ƙananan haruffa, aka rubuta cewa abin da ya faru ya fita sosai daga iyakar abin da aka taɓa gwadawa: girman ɓallin 1920 ne a ma'aunin da na gwajin yake 3, wato ninki 640. Ranar 1 ga Fabrairu kumbon ya tarwatse yana dawowa, mutum bakwai suka mutu. Masani Edward Tufte ya yi wa shafin filla-filla, kwamitin binciken hatsarin kuma ya sanya nazarin a rahotonsa. Ba shafi ɗaya ne ya jawo hatsarin ba, amma ya nuna irin ƙarfin da take ke da shi: mutane sukan ɗauki na sama su tafi.

Abin da na fahimta daga wannan ba wai a koma rubuta "Sakamakon gwaji" ba ne, domin hakan ma zai bar layin nan mai muhimmanci a binne. Da taken ya ce "Ɓallin ya ninka wanda muka gwada sau 640, gwajinmu ba zai iya tabbatar da lafiyar fiffiken ba", wa zai wuce shi? Laifin shi ne an ɗora maganar da ta fi daɗi a sama, an tura wadda ta fi nauyi ƙasa.

A ganina ma ba jahilci ke sa mutane da yawa fakewa a bayan "Ƙalubale" ba, tsoro ne. Ƙaramin ma'aikaci ba ya son ya zama shi ne ya rubuta da manyan haruffa cewa aiki ya gaza, oga yana zaune a layin gaba. Na fahimci wannan. Sai dai ana iya faɗin gaskiya ba tare da nuna yatsa ba: taken jami'ar nan bai ambaci sunan kowa ba, wuri da adadi da lokaci kawai ya kawo. Kuma ba kowane shafi ke buƙatar jimla ba. Jadawalin taro da shafin lambobin da aka ajiye a ƙarshe don mai son dubawa, sunansu ya ishe su.

Kafin ka tafi taro, buɗe Outline View a PowerPoint, inda ake jera rubutun shafuka, ka karanta taken kowane shafi kaɗai daga farko zuwa ƙarshe, ko ka tura wa abokin aikin da bai san batun ba. Idan ya iya gaya maka abin da ya faru da abin da kake nema a yi, ka gama. Inda ya tsaya ya ce "to sai me?", wannan shafin ne za ka koma kansa, kuma sau da yawa za ka tarar cire shi ya fi gyara shi sauƙi.