Layin da ka bari ya mutu, wani ne zai gaje shi da duk abin da ke ɗaure a kansa

'Yan uwanmu na Katsina da Daura da ke karatu a Masar ko aiki a Saudiyya, da ku nake. Da yawanku kuna sauka sai ku sayi layin can, ku cire na gida ku jefa aljihun jaka, kuna ganin duk ranar da kuka dawo za ku same shi yadda kuka bar shi. Ba haka abin yake ba. A ƙa'idar hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, layin da ya yi wata 6 ba a kira da shi ba, ba a tura saƙo ba, ba a sa masa kati ba, kamfani na iya rufe shi. In ya ƙara wasu wata 6 a haka, ana iya ba wani mutum lambar.

Ra'ayina shi ne, idan har layin ya riga ya tafi kana waje, kada ka ƙare ƙarfinka wajen neman dawo da shi. Sake fitar da sim yana buƙatar a je ofis da NIN a tantance mai layin, kai kuwa kana Alƙahira. Ka sa ƙarfin wajen kwance duk abin da ka ɗaure a jikin lambar, ka fara da kuɗi.

Ƙanin wani abokina ɗan Daura ne misalina. Yana shekara ta biyu a Masar ya lura ana cire masa kuɗi duk wata ta katin banki, na wata manhajar kallo da ya yi rajista tun yana gida. Ya je zai soke, aka ce ya shiga asusunsa. Zai shiga, aka ce an tura lambar tantancewa zuwa tsohon layinsa. Sai ya ce wa yayansa ya gwada kiran layin, wata mata ta ɗauka, ta ce ita watanta biyu da sayensa a shago. Ashe duk alat ɗin bankinsa a wayarta yake sauka, har da sauran kuɗin da ke asusun.

Kuɗin manhajar ma ƙaramin abu ne. Wanda ke riƙe da layin da aka yi rajistar BVN da shi, in ya danna `*565*0#` zai iya ganin BVN ɗin. Matar dai baiwar Allah ce, amma ba kowa ne haka ba.

Abin da ya cece shi, manhajar bankinsa tana buɗe a wayarsa, bai taɓa fita ba. Ta nan ya toshe katin gaba ɗaya. Da watan ya zagayo aka zo cirar kuɗi, ba kati, biyan ya tsaya da kansa ba tare da ya samu lambar tantancewa ba. Wannan hanya ta dace da abin da ake biya wata-wata ne kawai; in bashi ne ka ci, toshe kati ba ya goge shi. Daga nan ya rubuta wa banki daga imel ɗin da suka sani nasa ne, ya nemi a daina tura alat ga tsohuwar lambar, a rufe turin kuɗi ta USSD, a mayar da saƙonninsa imel. Sun nemi ya cike fom ya haɗa da hoton fasfo, abin ya ɗan ja lokaci, amma an yi. Sauya lambar da ke kan BVN da NIN aiki ne daban, kada ka ɗauka gyaran banki ya wadatar.

WhatsApp kuwa ya fi sauƙi, muddin ba ka goge shi ba. Ka shiga Settings, Account, Change number, lambar tantancewar ga sabon layin take zuwa. In ka yi sakaci, wanda ya gaji tsohon layin yana iya buɗe WhatsApp da lambar, ya fitar da kai, dangi kuma su ci gaba da tura masa saƙo suna zaton kai ne. Gmail ma ka sauya lambar da ke ciki tun kana da damar shiga. Don haka nake cewa kada ka sauya waya, kada ka kai ta a yi mata filashin, sai ka gama wannan aikin, domin duk inda ka fita ba lallai ka iya komawa ba.

Wasu za su ce a bar wa wani sim ɗin a gida ya riƙa karanto lambar tantancewa. Ana yi, amma lambar ba ta daɗewa take lalacewa, ga shi ka miƙa wa mutum makullin asusunka. Ni na fi son mai shirin tafiya ya tafi da sim ɗinsa, ya tabbatar an buɗe masa romin, wato damar amfani da layin a ƙasar waje, tun kafin ya bar ƙasar, a riƙa tura masa kati daga gida, shi kuma ya riƙa tura saƙo ɗaya duk wata biyu ko uku.