Atisaye a watan azumi: agogon Lyon ba ya aiki a Maraɗi

Shekara goma ke nan ina zaune a Lyon ta ƙasar Faransa, kuma a nan na saba da abin da yawancin masu motsa jiki suke yi a watan azumi, wato su fita gudu ko su shiga ɗaga ƙarfe saura awa guda a sha ruwa, domin ƙarshen atisayen ya zo daidai da kiran magariba. Hikimar a fili take, tunda mutum yana gamawa zai samu ruwa da abinci. Ni ma haka nake yi, kuma bai taɓa cutar da ni ba. Sai dai da na je gida na yi azumin 2024 a Maraɗi, wanda ya kama daga wajen 11 ga Maris zuwa farkon Afrilu, na ga samarin unguwarmu suna buga ƙwallo da ƙarfe biyar da rabi na yamma bisa wannan lissafi, na tabbata cewa an ɗauko shawarar daga ƙasar da ta dace da ita an kai ta inda ba ta dace ba.

A Lyon, yammacin watan Maris yana da sanyin da sai na sa riga biyu kafin in fita, kuma in na yi gudun minti arba'in, gumin da nake yi bai taka kara ya karya ba. Abin da yake damuna shi ne ƙarfi. Hanta tana ajiye sukari kimanin giram 100, shi take sakewa cikin jini a hankali tun daga sahur, saboda haka zuwa yamma ya yi ƙasa, mutum ya ji kansa ya yi sako-sako. Amma tsoka tana da tata ajiyar, wadda ta ninka ta hanta sau uku ko huɗu, kuma zaman yini ba ya cinye ta sosai. Shi ya sa mai azumi yake iya gudu na matsakaicin sauri da yamma ba tare da ya faɗi ba, muddin bai matsa wa kansa ba. Yunwa tana da sassauci. Ƙishirwa ce ba ta da shi, domin jiki ba shi da rumbun da yake tara ruwa don gobe.

A Maraɗi kuwa, a ƙarshen Maris da Afrilu zafi yakan kai digiri 40 ko ya wuce, kuma da biyar da rabi ƙasa ba ta huce ba tukuna. Iskar busasshiya ce, gumi yana fitowa yana bushewa nan take, sai yaro ya ɗauka bai yi gumi ba, alhali farin gishirin da ya kwanta a bayan rigarsa yana ba da shaida. Mai wasa a irin wannan zafi yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu a awa guda.

Ɗan yayata, saurayi mai shekara goma sha tara, shi ne ya fi kowa musu da ni. Ya ce: “Kawu, ku da kuka saba da sanyin Turai ne rana take ba ku tsoro, mu a cikinta muka tashi.” Yana da gaskiya ta wani gefe, domin wanda ya saba da zafi ya fi baƙo jure shi, amma ɗaya daga cikin hanyoyin da jikinsa yake jurewa ita ce yin gumi da wuri kuma da yawa, wato ruwan da yake asara ƙaruwa yake yi. Maimakon mu ci gaba da gardama, na ari sikelin wani maƙwabcinmu. Bayan sahur ya auna kilo 64. Da ƙarfe biyar, tun bai taɓa ƙwallo ba, ya koma 63, zirga-zirgar yini kawai ta ci kilo guda. Bayan wasan awa ɗaya sikeli ya nuna 61 da rabi. Kusan duk abin da mutum ya rasa cikin yini guda ruwa ne, kilo ɗaya a madadin lita ɗaya, don haka ya rasa lita biyu da rabi, kusan kashi 4 cikin ɗari na nauyinsa. Tun daga kashi 2 cikin ɗari ƙoƙarin ɗan wasa yake fara raguwa: jini yana raguwa, zuciya tana ƙara bugu domin ta cike giɓin, jiki kuma yana kasa fitar da zafi. Ciwon kan da yake kwana da shi, wanda yake ɗora wa rashin shan shayi, daga nan yake.

Biyan wannan bashi ya fi ƙarfin randa guda a zama guda. Ana so a mayar da abin da aka rasa da ƙarin kusan rabinsa, saboda wani kaso zai fita ta fitsari, ke nan yana buƙatar lita uku da rabi ko fiye kafin asuba. Shi kuma abin da ya saba shi ne ya ɗaga moɗar ruwan ƙanƙara sau uku da kiran salla, ya bi da zoɓo da kunu, cikinsa ya ɗaure har tuwo ya gagare shi, sa'an nan ya sake ɗurawa da sahur. Ruwan da aka ɗura lokaci guda, musamman ba tare da abinci mai gishiri ba, ƙoda tana saurin zubar da shi, har kafin hantsi yawancinsa ya tafi.

A nan ne nake ganin Maraɗi ta fi mu arziki, ko da mutanenta ba su lura ba. Na yi azumin watan Yuni a Lyon, a 2016 da 2017, lokacin da rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, kuma tsakanin shan ruwa da sahur bai fi awa shida ba. A ciki za a ci, a yi asham, a yi barci, babu inda za a sa atisaye. A Maraɗi ana shan ruwa wajen bakwai saura kwata, alfijir kuma sai bayan ƙarfe biyar, dare na fiye da awa goma, kuma tsawonsa ba ya canjawa sosai ko da wane wata azumi ya zo.

Saboda haka muka sauya tsarinsa. Da magariba dabino, kofin ruwa biyu da kunu kaɗan da ƙosai, ba ƙoshi ba. Daga nan kofi guda, kimanin rubu'in lita, duk bayan rabin awa, har da gora a gefensa wurin asham. Wasa mai ƙarfi ya koma wajen tara da rabi na dare, gaban wani shago mai fitila, inda yake sha yana wasa. Babban abinci sai bayan wasa, tuwo ko shinkafa da wake, da miya mai gishirinta daidai. Da sahur hura da nono, wadda a ganina ta fi burodi da shayi mai sukari riƙe ciki, da ruwa rabin lita zuwa lita ɗaya. Alamar da na ce ya duba ita ce fitsarinsa na asuba: in ya yi haske-haske an biya bashi, in ya yi duhu kamar shayi kuma kaɗan ne, ranar ba ta wasa ba ce.

Tsarin yana da kuɗinsa, kuma barci ne yake biya, domin wanda ya gama wasa da sha ɗaya saura ba zai kwanta kafin sha biyu ba, ga sahur da huɗu da rabi. In ba ya samun ƙailula, gara ya rage wasan zuwa kwana uku a mako. Ban kuma ce yamma ta haramta ba: miƙe jiki ko taɓa ƙwallo a inuwa na minti ashirin ba laifi. Amma wanda jiri ya kama a fili, ko yake amai, ko maganarsa ta fara rikicewa, a kai shi inuwa a jiƙa shi da ruwa ana yi masa fifita, a ba shi ya sha in yana cikin hayyacinsa, ya rama azumin daga baya. In ya rikice, asibiti za a nufa ba tare da jiran kiran salla ba.

Mako guda bayan sauyin muka sake hawa sikeli. Da asuba kilo 64, da magariba 63, ciwon kai ya tafi. Abokansa dai sun ci gaba da wasansu na yamma, suna ce masa ɗan Faransa.