Aiki ka nema, ba bashi ka biyo ba

Wannan yaron da kuke ta yaɗa hoton saƙonsa tun jiya kuna cewa kamfani ya wulaƙanta shi, ku yi haƙuri, ni ban ga wulaƙancin ba. Mutum ya tura takardun neman aikin akanta ranar Alhamis 12 ga wata. Alhamis na zagayowa, ƙarfe sha ɗaya na dare, ya faɗa wa manaja ta WhatsApp: "Yallaɓai har yanzu shiru, ko an raba wa 'ya'yan manya ne?" Babu sallama, babu suna. Ma sha Allah. Saura kawai ya je da ɗan sanda.

Ku koma ku karanta tallar da shi kansa ya liƙa. An ce za a rufe karɓar takardu ranar Litinin 30 ga wata. Wato ranar da ya hau dokin zuciya saura kwana 11 a rufe. A yawancin wurare ba a zama tantancewa sai an rufe, an tara takardun kowa. To shirun me yake ƙorafi a kai? Makon da ake cewa a jira kafin a tuna wa kamfani, daga ranar rufewa ake ƙirga shi, ba daga ranar da kai ka tura ba. Kuma ranakun aiki biyar ake nufi, ban da Asabar da Lahadi, ban da hutun Sallah idan ya gifta. An rufe Litinin, ka bar wata Litinin ɗin ta wuce, Talata da hantsi ka tuna musu. Litinin saƙonni sun taru wa mutum, Juma'a kuwa hankalinsa na masallaci da gida. Idan talla ba ta faɗi ranar rufewa ba, nan ne za ka ƙirga daga ranar da ka tura.

Na san abin da za a ce: "Ai yana cikin matsi." Wallahi na yarda, zaman jiran amsa da aljihu wayam ba daɗi. Amma manaja bai ci bashin kowa ba, kuma matsinka ba ya cikin sharuɗɗan aikin. Wasu kuma su ce da ba a tuna ba gara a tuna ko ta yaya. A'a. Saƙon nan shi ne aikinka na farko da za su gani, kuma akantan da bai iya duba kwanan wata a talla ba, wa zai ba shi littafin kuɗi?

Ta hanyar da ka nema, ta nan za ka bi sawu. Idan imel ne, ka buɗe wanda ka tura tun farko ka danna Reply, don saƙonka na baya ya bayyana a ƙasa, ka sake maƙala takardun kada a sha wahalar nema. Ka rubuta da harshen da aka yi tallar. Abin da zai ƙunsa bai wuce haka ba:

"Assalamu alaikum. Sunana wane. Ranar 12 ga wata na turo takardun neman gurbin akanta da kuka tallata. Ina son tabbatarwa ko sun iso, kuma yaushe ake sa ran fitar da sunayen waɗanda za a kira ganawa. Na sake maƙala takardun. Na gode."

Shi ke nan. Babu "ni maraya ne", babu "ku taimaka don Allah da Annabi", babu gugar zana. Ka faɗi ko kai wane ne, wane gurbi, wace rana, ka yi tambayar da za a iya amsawa da layi ɗaya. Idan an sake yin shiru mako biyu, ka ƙara sau ɗaya, daga nan ka nemi wani wurin.

Idan kuwa an rubuta "Only shortlisted candidates will be contacted", an riga an gaya maka wanda aka zaɓa kaɗai za a kira, tambayarka ta tsaya a kan ko takardu sun isa. Ɗaukar ma'aikatan gwamnati ta shafin intanet, irin na 'yan sanda ko shige da fice, wannan ma babu wanda za ka tuna wa. Shafin za ka riƙa dubawa, kuma duk wanda ya amsa maka a ɓoye yana neman kuɗin "saka suna", ɗan damfara ne.

Af, ku kuma masu rubuta lambar waya a takarda alhali layin yana cikin wayar ƙanwarku a ƙauye, a kira a ji yarinya na cewa "Yaya ba ya nan", don Allah me kuke nufi?