Wasiƙar da na rubuta wa wanda ya sa min kyamara a shago

Jama'a ina da shagon kayan masarufi a nan Jos wajen Taminus, sati uku ke nan da aka sa min kyamarori huɗu. Wannan ita ce wasiƙar da na tura wa mai aikin, ba zan kama sunansa ba don ba tozarci na zo yi ba, amma duk mai shirin sa kyamara ya karanta.

Injiniya, salamu alaikum. Ranar da ka gama aiki da azahar ka nuna min hoto a talabijin tar kamar madubi, har lambar keke napep ɗin da ya tsaya a ƙofa muna karantawa, na cika maka kuɗinka muka rabu lafiya. To daren Talata wani ya taɓa kwaɗon ƙofar baya, da safe na zauna na mayar da rikodin baya, wallahi daga bayan magariba har gari ya waye babu komai sai baƙi, in ban da agogon da ke tafiya a saman allo. Na kira ka ka ce ƙila wuta aka ɗauke. Ba wuta ba ce Injiniya. Da wuta ce da DVR ɗin ma, injin da ke ajiye rikodin, ya mutu, sai a ga giɓi a layin lokaci, ya tsallake daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza. Nawa kuwa layin a cike yake, injin yana ɗauka, kyamarar ƙofar baya ce ba ta aiko masa da komai.

Ƙanena mai aikin wayarin shi ya zo da mitarsa, kuma abin da ya yi bai kai minti goma ba. Ya hau tsani da rana tsaka ya rufe fuskar kyamarar ƙofar baya da tafin hannu, don ta ɗauka dare ya yi. Mai lafiya za ka ji ta yi ƙas, 'yan fitilun nan na infrared da take gani da su a duhu su yi ja-ja kaɗan, hoto ya koma fari da baƙi. Wannan ta yi ƙas ɗin, hoto ya yi layi-layi, sai ta ɗauke ɗif. Ya auna wutar da ke isa gindinta, kafin ya rufe 11.7, yana rufewa ta faɗo 9.6, alhali kyamarar bolt 12 take so.

Muka bi waya muka samu dalili. Adafta ɗaya tal ka sa wa duka huɗun, a jikinta an rubuta 12V 2A. A kwalin kyamarar kuma an rubuta wat 6, wato rabin amfiya kowacce in fitilunta sun kunna, huɗu sun cinye amfiya biyun ke nan cif babu rara, kuma kai ma ka san irin adaftan nan masu araha ba sa ba da abin da aka rubuta a jikinsu. Ga wayar ƙofar baya ta kusa mita 40, siririya, da ya kankare ta da wuƙa sai ga fari a ciki, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, wuta tana zubewa a hanya kafin ta isa. Da rana fitilun a kashe suke shi ya sa komai ke tafiya daidai, duhu na shiga su kunna gaba ɗaya, wutar ta gaza.

Ta gaban shago kuma nata ciwon daban, ka maƙala ta daga ciki tana leƙen titi ta gilashi. Da dare haskenta ke dukan gilashin ya dawo mata a ido, sai farin hazo kawai.

Abin da nake nema: ka kawo akwatin wuta na akalla 5A ko ka ba kowace kyamara adaftarta a kusa da ita, ka canja wayar baya da ta jan ƙarfe zalla, ka fito da ta gaban waje ƙarƙashin rumfa. Sannan ka zo bayan isha'i mu kashe fitilun shago, yarona ya zaga ta baya mu ga ko za a gane fuskarsa. Na gode.

Ni dai a ganina laifina a nan shi ne biyan cikon kuɗi da rana, tunda ɓarawo ba da azahar yake zuwa ba. Wani maƙwabcina ya ce ai da na sayi kyamara mai tsada, na ce masa ko ta miliyan ce in ka ba ta bolt 9 haka za ta yi. Injiniyan ya amsa ɗazu, ya ce Asabar zai zo amma kuɗin sabuwar waya a wuyana. Wannan kam sai mun zauna, don a takardar da ya rubuta min da hannunsa waya mai kyau ya ce, kuma takardar tana nan cikin durowa.