Takardar shawara da ake zagayawa da ita ba sanarwa ba ce

Mutane da yawa a nan Damagaram suna ɗauka cewa idan shugaban ƙungiya ya aiko da takardar shawara maimakon kiran taro, magana ta riga ta ƙare, sa hannu kuma shaida ce kawai cewa mutum ya gani. Ba abin mamaki ba ne, domin haka muka saba yi da takardar halartar taro.

Amma a wannan takarda sa hannu shi ne ƙuri'a. Shawarar ba ta da ƙarfi sai dokokin ƙungiyar sun yarda a yanke hukunci a rubuce, kuma an samu yawan amincewar da suka gindaya kafin wa'adi ya cika.

A ɗauka ƙungiyar majema ce mai mutum 12, tana son sayen injin ɗinki, dokarta kuma ta ce sai kashi biyu cikin uku sun yarda, wato mutum 8. Ƙarƙashin bayanin injin da kuɗinsa sai a rubuta: "Ni, ɗan wannan ƙungiya, na karanta shawarar da ke sama, kuma na amince da ita yadda take." Sai suna da kwanan wata da sa hannu, da gurbin wanda ya ƙi. Wanda ya rubuta "na gani" kawai bai amince ba, kuma idan wani ya sauya kuɗin da biro bayan mutum 5 sun sa hannu, dole a sake zagayawa da takardar, domin ba abu ɗaya suka amince da shi ba.