In kin je gaisuwar uwar da yaronta ya koma

Tun makon jiya abin nan yake cin raina, gara in faɗa kawai. Ɗan yayata ya rasu, shekararsa 2 da 'yan watanni, zazzaɓi ne na kwana 4 ya tafi da shi, kuma shi ne ɗan farinta. Ni na zauna kusa da ita a ɗaki duk kwana ukun nan na zaman makoki ina karɓar gaisuwa tare da ita, to kunnena ya ji abubuwa.

Wallahi wasu matan da kyakkyawar niyya suke shigowa, amma bakinsu yanka yake. Wata ta zauna ko mayafi ba ta gyara ba sai tambaya, me ya same shi, yaushe ya fara, ba ku kai shi asibiti da wuri ba ne? Ke 'yar uwa, matar nan tun da aka fita da yaron tambayar da take wa kanta kenan, dare da rana, ke kuma kin zo kin ɗora mata a gaban mutane. Duk mai shigowa sai uwar ta sake ba da labarin tun daga farko, ta sake ganin yadda numfashinsa ya tsaya a cinyarta, sau ashirin a wuni ɗaya. In kina son sanin dalili ki tambayi wata a tsakar gida ko ki bari sai an kwana biyu.

Sai masu cewa ai yaro ne, ke da ƙuruciyarki Allah zai ba ki wani. Na san addu'a ake nufi, kuma yin ta nan gaba ba laifi, amma a ranar farko uwa ba wani take nema ba, wannan ɗin da takalminsa ke bakin ƙofa shi take nema.

Alhali gaisuwar da muka gada gajeriya ce kuma ta isa. Ki yi sallama ki durƙusa, ki ce ya haƙuri, ashe yaro ya koma. Ta ce alhamdulillahi. Ki ce Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya ba ku haƙurin rashi. Lura fa, babba in ya rasu shi ake cewa Allah ya gafarta masa, ya sa ya huta, ya albarkaci abin da ya bari, amma yaron da bai balaga ba alƙalami bai hau kansa ba, shi ya sa addu'ar take komawa kan iyaye, ya cece su ranar gobe. In kina son abin da ya fi wannan, akwai saƙon da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika wa 'yarsa lokacin da ɗanta yake kan gargara, yana cikin Buhari da Muslim: na Allah ne abin da ya karɓa, nasa ne abin da ya bayar, komai a wurinsa da ajalinsa, ta yi haƙuri ta nemi lada. Daga nan ki yi shiru, ki ɗan zauna minti 5 ko 10 ki ba wasu wuri.

Abin da ya fi min ciwo kuma shi ne maganar kuka. Kun san kara irin tamu, ɗan fari ko sunansa uwa ba ta kira, to sai aka zuba mata ido wai kar ta zubar da hawaye a gaban surukai, in idonta ya ciko sai a ce haba ke kuwa, sai ka ce ba musulma ba. Daga ina muka samo wannan? Annabi da kansa ya yi hawaye ranar da ɗansa Ibrahim yake barin duniya, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗar komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Kururuwa da marin fuska da yaga tufafi aka hana.

Cikin duk waɗanda suka zo, gaisuwar Goggonmu ce kaɗai ta shiga jikinta. Tsohuwar ta shigo da kwanon kunu, ta zauna ta kama hannunta ta ce 'yar nan ya haƙuri, nima na binne biyu, yi kukanki babu mai ganinki. Ta ja labule. Sai a lokacin Yaya ta yi kuka, kwana biyu kenan take riƙe da shi, bayan nan ta sha kunun, shi ne abu na farko da ya shiga cikinta.

Yanzu an watse, an naɗe tabarmin ƙofar gida, wayarta ma ta daina ƙara. Jiya da na leƙa na same ta ita kaɗai tana ninke kayansa, na zauna muka ninke tare. Gobe in Allah ya kai mu zan koma da rana, lokacin da mijinta yake kasuwa.