Ina Sauran Dubu Tara?

Malam: Ku dubi allo, ga sarƙar abinci, wato jerin wa ke cin wa. Ciyawa → fara → kwaɗo → maciji → shaho. Ciyawa ta tara makamashi kilojul 10,000. Nawa zai isa ga maciji?

Sarkin Musu: Allah gafarta Malam, kibiyarka ta juya. Maciji ne ke kai hari, ai kwaɗo ya kamata tsininta ya kalla.

Malam: Ba kibiyar maharbi ba ce. Hanyar makamashi take nunawa, daga wanda aka ci zuwa cikin wanda ya ci. In ka juya ta, ka ce ciyawa ta cinye fara ke nan, maki ya tafi.

Acici: Ni na gama. Na riƙa cire kashi 10 cikin 100. Fara 9,000, kwaɗo 8,100, maciji 7,290.

Malam: Kai ko a lissafi ba ka barin saura! Kashi 10 ɗin shi ke wucewa gaba, 90 ke salwanta. Ƙiyasin ya samo asali daga aikin masanin muhalli Raymond Lindeman na 1942. Raba da 10 a kowace kibiya: fara 1,000, kwaɗo 100, maciji 10.

Acici: Subhanallahi! Wa ya cinye 9,000 tun a zangon farko?

Malam: Ba kowa. Fara ba ta cin saiwa, kuma ba kowane ganye take kaiwa gare shi ba. Abin da ta ci ma, wani ba ya narkewa, sai ya fita a kashi.

Sarkin Musu: Kashi nawa?

Malam: Kashin bayan gida nake nufi, ja'iri! Wanda ya narke kuwa, da yawansa tana ƙona shi ta numfashi don tsalle da tashi, ya fice a matsayin zafi, ba ya dawowa. Abin da ya zama tsokar jikinta kaɗai kwaɗo ke samu.

Sarkin Musu: To maciji mataki na uku yake, tunda shi ne maci na uku.

Malam: Nan ake faɗuwa. Ciyawa ce mataki na 1, don ita ke haɗa abinci da hasken rana. Maci na uku yana mataki na 4.

Acici: Shi shahon wa zai ci shi?

Malam: Kilojul 1 ya iso masa. Wa zai rayu a kan ɗaya bisa goman wannan? Shi ya sa da wuya sarƙa ta wuce mataki huɗu ko biyar. Amma in an ba ku alƙaluma, ku ajiye goman nan. Fara 1,500, kwaɗo 120: 120 ÷ 1,500 × 100, kashi 8 ke nan. Kai na baya, maimaita!

Sarkin Barci: Na'am, Malam? Ai benci uku ne a gabana. Ɗaya bisa dubun karatun ya iso nan, shi ma Acici ya tare.